Wata takwas ina hira da Faransanci duk daren Lahadi: abin da na gani a Tandem

Sana'ata shadda da atamfa, kuma sau uku ko huɗu a shekara nakan je Kwatano sayen kaya. Faransancin da nake da shi na takarda ne. Ina karanta rasit, ina gane saƙon da dillali ya rubuto mini, amma da zarar an kira ni a waya sai bakina ya yi nauyi. A Maraɗi ban taɓa jin wannan giɓin ba, don kowa Hausa yake yi maka, har jami'in da ke kan iyaka. A Kwatano ne na gane cewa tafinta yana cin kuɗi, kuma ba duk abin da aka faɗa yake kawo maka ba. Shi ya sa na sauke manhajar Tandem a wayata, wata takwas ke nan.

Tandem ta wani kamfani ce da ke Berlin a Jamus, aikinta haɗa mutum biyu su yi musayar harshe: ka koya mini naka, in koya maka nawa. Wajen rajista za ka sa hotonka, ka faɗi harsunan da ka iya da wanda kake koyo da matakin da ka kai, sannan ka rubuta abin da kake son yin hira a kansa da irin abokin da kake nema. Akwai rubutu, saƙon murya, kiran murya da na bidiyo. Abin da ya fi burge ni shi ne wurin gyara: abokinka zai taɓa jimlar da ka rubuta, ya gyara ta, ka ga kuskurenka da gyaran a jere. Akwai tsarin biyan kuɗi mai ƙarin abubuwa, amma ni na kyauta nake amfani da shi har yau, kuma ya ishe ni.

Abu na farko da Bahaushe ya kamata ya sani shi ne, wannan kasuwa ce ta ba ni gishiri in ba ka manda, kuma hajar da za ka kasa ita ce Turanci. Na sa Hausa da Turanci a shafina. A wata takwas mutum biyu kacal suka neme ni saboda Hausa, ɗaya ɗalibin nazarin harsuna a Turai, ɗaya kuma wata baiwar Allah da ta auri Bahaushe. Masu Faransanci kuwa Turanci suke nema, kuma da yawansu na Ingila ko na Amurka suke so. A mako biyun farko na tura wa mutum 30 saƙo, 9 suka amsa, 3 ne muka kai ga magana da murya. Wasu da sun ga Najeriya sai su yi shiru, kuma mun san dalili. Abin ya yi mini ciwo, ban ɓoye ba. Amma na lura saƙon da ake amsawa shi ne wanda ya faɗi buƙata ƙarara. Gaisuwa kawai ba ta jawo kowa. Da na koma rubuta cewa ni ɗan kasuwa ne, ina son awa ɗaya a mako, rabi Faransanci rabi Turanci, da murya, rana kaza, sai masu neman hirar banza suka kauce da kansu, masu niyya suka rage.

Abokina na farko wani dattijo ne a birnin Lyon, ya yi ritaya, mutum mai haƙuri. Mun tsayar da ƙarfe 8 na daren Lahadi, bayan na dawo daga isha'i. A lokacin agogonmu ɗaya da nasu. Mun yi mako biyar lafiya. Abin da ban sani ba shi ne Faransa tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba ta mayar da shi. Ranar ya kira ni ƙarfe 8 nasa, ni kuwa ƙarfe 7 ne, ban daɗe da fitowa daga magariba ba, ina zaune a masallaci ina jiran isha'i. Da na kira shi ƙarfe 8 nawa, shi 9 ta yi masa, ya fara shirin kwanciya. Mun yi ta neman wani lokaci, wannan makon Talata, wancan Asabar, kuma a nan abin ya mutu. Ba faɗa, ba ɓacin rai. Hirar da kowane mako sai an sake tambayar "yaushe kake da hali?" ba ta kai wata guda. Akwai kuma wani abu da sai daga baya na fahimta: shi nishaɗi yake yi da Turanci, babu abin da ke korar sa, don haka in mako ya wuce bai yi asarar komai ba.

Wanda muka ɗore da shi wani saurayi ne a Abidjan, ya gama karatun lissafin kuɗi, yana shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda a cikinta ake zaunar da mutum gaban mai jarrabawa ya yi magana. Wannan yana da wuta a bayansa kamar yadda nake da ita. Kwaddebuwa tana bayanmu da awa ɗaya, kuma ba ta taɓa agogonta duk shekara, don haka 8:30 nawa 7:30 nasa ne kullum. Faransancinsa ma ya fi kusa da wanda kunnena ke ji a Kwatano, har kuɗin da muke lissafi da shi sefa ce iri ɗaya. Duk mai koyon Faransanci don harkar Afirka ta Yamma, shawarata ya fara neman aboki a Abidjan, Dakar, Lome ko Kwatano kafin ya hango Paris.

Makonni ukun farko da shi ma sun kusa lalacewa, kuma ta wata hanya da ba a saurin ganewa. Turancinsa ya fi Faransancina ƙarfi nesa ba kusa ba. Da na tsaya ina laluben kalma, sai ya taimake ni da Turanci, in amsa da Turanci, kafin mu ankara hira ta yi daɗi, awa ta ƙare, ni ban yi Faransancin minti goma ba. Alamar da za ka gane haka ita ce ka tashi daga hirar ba ka gaji ba. Harshen da kake koyo yana gajiyar da kai, in ka tashi garau to harshen da ka iya ka yini a ciki. Na faɗa masa kai tsaye, ya yarda, muka sa agogon waya: minti 25 Faransanci zalla, minti 25 Turanci zalla, minti 10 na ƙarshe gyara. Kuma Faransanci ne a gaba mako ɗaya, Turanci a gaba mako na biye, don wanda aka bar wa rabi na biyu shi ke haɗuwa da gajiya da yankewar layi. In kalma ta ɓace mini a cikin minti 25 ɗina, ba a ba ni ita da Turanci. Sai in zagaya in kwatanta ta, kamar yadda zan yi a gaban dillalin da ba ya jin komai sai Faransanci.

Gyara ma mun yi masa iyaka. Ba ya katse ni ina magana, yana rubutawa ne a gefe, kuma kuskure biyar kawai yake ba ni a ƙarshe, waɗanda na fi maimaitawa. Su nake kwafewa a littafi, su ne kuma farkon abin da yake gwada ni da shi mako mai zuwa. A nan na ga inda Hausa ke ja mini baya. Faransanci yana da namiji da mace a sunaye kamar Hausa, sai na ɗauka na samu sauƙi, ashe ba su dace ba. Rana mace ce a wurinmu, a wurinsu namiji. Wata namiji ne a wurinmu, a wurinsu mace. Gida da ruwa ma haka, mu maza su mata. Bakina kuma jinsin Hausa yake ɗauka ba tare da na sani ba. Sai kuma harafin p da nake mayarwa f, da v da nake mayarwa b, abin da rubutu ba zai taɓa nuna maka ba sai kunnen wani.

Inda na fi cin riba shi ne lissafi. Bafaranshe ba shi da kalma guda ta saba'in, tamanin ko casa'in a ƙidayar da ake yi a Faransa da ƙasashen nan namu. 75 sittin da goma sha biyar ce, 80 ashirin huɗu, 97 kuwa ashirin huɗu da goma sha bakwai. A takarda na san wannan tun tuni. A waya kuwa, in aka ce mini farashin sefa 97,500, kunnena yana kama "huɗu" da "ashirin" ya tsaya nan, sauran ya wuce. Mako shida muka yi muna ɗaukar minti biyar na farko a kan wannan kaɗai: ya faɗi farashi goma da sauri, in rubuta da lamba in tura masa. Ranar farko uku na ci. Daga nan muka koma wasan ciniki, shi ne mai kaya a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, ni ne mai saye, yana tsuga kuɗi ina tayawa, yana ƙorafin kuɗin mota ina neman ragi a kan bandir hamsin.

Akwai makonnin da kira ba ya yiwuwa, ko layi ya ƙi, ko tafiya ta kama ni. Bidiyo ma tun farko muka ajiye shi, yana cin data kuma shi ke fara yankewa, ga shi dillalaina a waya suke kira, ba na ganin bakinsu. Dokarmu ita ce ba a ɗaga Lahadi zuwa wata rana. In ta ƙi, kowa ya tura wa ɗan'uwansa saƙon murya na minti uku kafin Litinin ta ƙare, ɗayan ya mayar da gyara. Da wannan muka tsallake makonni huɗu da da sun zama ramin da hirar za ta faɗa.

Abu biyu ne wannan hanyar ba ta ba ni ba. Abokin hira ba malami ba ne. Zai ce maka "ba haka ake faɗa ba", in ka tambayi dalili ya ce haka dai ake faɗa, kamar yadda ni ma na kasa yi masa bayanin wasu ƙa'idojin Turanci da nake amfani da su kullum. Wanda bai iya haɗa jimla ba tukuna, aji yake buƙata kafin wannan. Na biyu ya fi ba ni kunya. Faransanci kamar Hausa yake, "kai" ga tsara, "ku" ga babba. Da abokina "kai" muke yi, bakina ya saba. A tafiyata ta ƙarshe na yi wa wata dattijuwa mai babban shago a Kwatano "ke", na ga fuskarta ta canja kafin in gane abin da na yi. Na ba ta haƙuri, ta yi dariya, amma da na dawo na roƙe shi duk wasan cinikinmu ya koma da "ku".

A wannan tafiyar ban ɗauki tafinta ba. Da na dawo maigidana ya tambaye ni wa ya yi mini magana da mai kayan, na ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi da kaina." Ya duba lissafin sau biyu, bai ga gyara ba. Abokina zai zauna jarrabawarsa wata mai zuwa, kuma ya riga ya gaya mini in ya samu gurbin karatu a Kanada lokacin Lahadin nan ba zai yi masa ba. Na fara tura saƙo ga wasu a Lome tun yanzu, da rana da awa a rubuce a layin farko.