Gargaɗi: masu cewa "turo hoton na'urarki, in kawo miki tsinken gwajin suga"

Jama'ar Makka da Jidda, musamman masu kula da iyaye masu ciwon suga, a yi hattara da wani salo da ya shigo zaurukanmu na WhatsApp. Mutum zai sa talla cewa yana da tsinken gwajin suga na kowace irin na'ura, a kusan rabin kuɗin saidaliyya, wato kantin magani. Ba ya da shago, ba ya ba da fatura. Abin da yake cewa kawai shi ne a turo hoton na'urar, shi zai gane irinta, a tura kuɗi, yaro ya kawo har gida.

Ga yadda ta kasance da wata Hajiya maƙwabciyarmu a wajen Shari Mansur, wadda take allurar insulin. Na'urarta Accu-Chek Instant ce, 'yarta ce ta ɗauki hoton fuskar na'urar ta tura. Aka kawo gwangwani mai tsinke 50, babu kwali, a cikin leda. Da aka sa tsinken, na'ura ta ƙi karɓa. 'Yar ta kira shi, ya ce mata: "Ai ƙanwata, na'urar Hajiya ce ta mutu, zafin garin nan ke kashe su. Akwai sabuwa a wurina, ki ƙaro kuɗi." Allah ya sa ba ta tura ba, ta ɗauki gwangwanin da na'urar ta kai saidaliyya. Mai saidaliyya bai ko kunna na'urar ba, ya nuna mata rubutun jikin gwangwanin: Accu-Chek Performa. Kamfani ɗaya, suna na farko ɗaya, amma tsinken wata na'ura ce daban.

Da wannan yake cin mutane. Yawancinmu sunan kamfani muke riƙewa, alhali kalma ta biyu ce take raba gardama. Accu-Chek na da Active, da Performa, da Instant, da Guide, kuma tsinken ɗaya ba ya aiki a ɗaya. Na Active a tsakiyarsa ake ɗiga jini, na Instant kuwa bakinsa ake kai wa ɗigon jinin ya tsotsa. Haka Contour: akwai TS, akwai Plus, akwai Next, kowanne da nasa. OneTouch ma Select Plus daban, Verio daban. Akwai 'yan gida ɗaya da ke raba tsinke, kamar Performa da Performa Nano, amma wannan a rubuce yake a jikin kwalin tsinken, inda aka jera sunayen na'urorin da yake yi wa aiki. Shi ya sa raba gwangwani da kwalinsa ba ƙaramin abu ba ne.

Hoto yana taimakawa, ban ce a daina ba. Ɗan'uwa na Madina, uwa na Kano, dole da hoto za a yi magana. Sai dai hoton fuska shi kaɗai bai isa ba, balle wanda aka ɗauka da dare, hasken waya ya haske rubutun, ko na tsohuwar na'urar da sunanta ya goge. A juya ta a ɗauki bayanta, inda aka manna takarda mai cikakken suna da lambar SN. A haɗa da hoton tsohon gwangwanin da ake amfani da shi lafiya, sunan ya fito sarai. Mai sayarwa na gaskiya shi da kansa zai nemi waɗannan, kuma idan ka ce ya turo maka hoton kwalin da zai kawo kafin ka biya, ba zai yi fushi ba. Wannan mutumin da aka nemi haka daga baya, cewa ya yi ana zarginsa ne, shi da yake taimakon 'yan'uwa saboda Allah.

Tsinken da na'ura ta ƙi karɓa asarar kuɗi ce kawai. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tsinken da ya shiga daidai, na'ura ta ƙirga ta ba da lamba, amma lambar ƙarya ce. Bayan rigimar, mutumin ya "canza" wa Hajiya da gwangwanin Instant na gaske. Kwana biyu tana ganin 240, 255 da safe kafin ta ci komai, ita da ta saba ganin 130 zuwa 140. Har ta fara maganar ƙara insulin da kanta. 'Yar ta duba gwangwanin da kyau sai ta ga wurin ranar ƙarewar aiki, kusa da alamar nan mai kama da kwalbar yashi, an manna wata ƙaramar takarda a kai. Da ta ɓamɓare, ranar da ke ƙasa ta wuce tun tuni. Suka sayo sabon kwali a saidaliyya, aka gwada a yatsa ɗaya, minti ɗaya tsakani: tsinken mutumin 238, sabon 134.

Kowace na'ura tana da ɗan kuskurenta, wannan sananne ne. Ma'aunin ISO 15197 na 2013 ya yarda da bambancin kashi 15 cikin ɗari daga sakamakon ɗakin gwaji idan suga ya kai 100 mg/dL ko fiye, da maki 15 idan bai kai 100 ba. Wato in ainihin sugan 140 ne, na'ura mai lafiya galibi za ta nuna tsakanin 119 da 161. Tazarar maki ɗari ta wuce wannan nesa. Mai allurar insulin da ya ƙara magani a kan irin wannan lambar zai iya jefa sugansa ƙasa da 70, inda ake fara gumi da rawar jiki da ruɗewa, in ya yi tsanani a suma.

Ko ranar ba ta wuce ba, tsinke na lalacewa. A jikinsa akwai sinadarin da zafi da danshi ke kashewa, shi ya sa a jikin kwali ake rubuta iyakar zafin ajiya, galibi kada ya wuce digiri 30. Ku tuna yadda but ɗin mota yake a Makka da azahar, ko danshin Jidda. Wanda yake yawo da kaya a mota yana rabawa gida-gida, a ina yake ajiye su? Gwangwanin ma an yi shi ne don ya tsotse danshi, murfinsa kuma ya rufu gam, don haka tsinken da aka juye a leda ko aka haɗa daga gwangwani biyu bai da amana. Idan kaya ya iso, lambar LOT da ranar ƙarewa na jikin kwali su zama iri ɗaya da na jikin gwangwani, kwalin kuma a liƙe yake, ba a taɓa buɗe shi ba. Wanda yake da shakka ya tambayi ruwan gwaji na kamfanin na'urarsa a saidaliyya: ana ɗiga shi a madadin jini, lambar da ta fito ta faɗa cikin iyakar da aka buga a jikin gwangwanin.

Na ji mutumin nan yana tallar ɗamarar na'urar hawan jini ma da wannan salon na hoto. Hoto ba zai gaya masa kaurin damtsenki ba. A sa tef na tela a auna tsakiyar damtse; ɗamarar Omron, alal misali, akwai mai 22 zuwa 32 cm, akwai mai 22 zuwa 42 cm, kuma wadda ta yi wa hannu ƙanƙanta tana nuna jini ya hau fiye da yadda yake.

Wanda ya riga ya saya a hannun mutumin nan ya daina gwaji da kayan, kada kuma ya canza adadin maganinsa sai likita ya gani. A ajiye gwangwanin, da hirar WhatsApp, da shaidar tura kuɗi. Ana kai ƙorafin kayan lafiya ga hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, SFDA, a lamba 19999, na zamba a ciniki kuma ga ma'aikatar kasuwanci a 1900. Masu kula da zauruka kuma, don Allah, ku cire tallar idan ya sake sawa da wata lambar waya.