Wanda ya riga shigowa ko wanda wa'adinsa ya fi kusa: a kan wanne za a gina takardar duba siton magani?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. An damƙa mini siton kantin magani, kuma ina so in tsara takardar da zan riƙa bi kullum ina duba kaya. Wanda na gada ya ce in riƙa fitar da wanda ya riga shigowa, wata kuma ta ce a'a, wanda wa'adinsa ya fi kusa. Mene ne bambancinsu, kuma me zan riƙa dubawa kowace rana?"

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah Ya taya ki riƙo. Ki gina takardarki a kan wa'adi. Masu aikin sito suna kiran tsarin fitar da wanda ya riga shigowa fifo, na fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa kuma fefo, kuma a yawancin ranaku duk abu ɗaya za su ce ki ɗauko, shi ya sa mutum kan yi shekara yana bin fifo bai ga illarsa ba. Suna rabuwa ne ranar da aka kawo miki sabon kaya mai gajeren wa'adi, wanda ya daɗe a rumbun dila kafin ya iso gare ki.

Ga misali da lissafi. A ce yau 1 ga Maris 2026, kuma kina fitar da kwalba 40 ta amoksisilin na yara, wanda ake haɗawa da ruwa, a kowane wata. A kanta akwai kwalba 120 da suka shigo tun Janairu, wa'adinsu 12/2027. Yau da safe aka sauke wasu 100, wa'adinsu 06/2026. Idan kika bi fifo, tsofaffin 120 ne za su ci Maris, Afrilu da Mayu. Sai a Yuni za ki buɗe sababbin, ki fitar da 40, ranar 30 ga wata ta riske ki da kwalba 60 da ba su da sauran amfani. Idan kuwa fefo kika bi, sababbin ne za su wuce gaba: 40 a Maris, 40 a Afrilu, 20 zuwa tsakiyar Mayu, sun ƙare ke nan, sannan ki koma kan waɗanda ke da sauran fiye da shekara ɗaya da rabi. Sito ɗaya, ciniki ɗaya, amma nan an yi asarar kwalba 60, can ko ɗaya.

Sai dai shi ma fefo yana da iyaka. Da a ce kwalba 200 aka kawo masu wa'adin Yuni, wata huɗu sau 40 ya ba ki 160, saura 40 da babu irin jeren da zai cece su. Don haka lissafin da ya fi kowanne amfani a sito shi ne wannan: watannin da suka rage, sau abin da ake fitarwa a wata, a gwada da abin da ke hannu. Abin da ya haura shi ne za ki nemi mafitarsa tun yau, ko ki ƙi karɓa, ko ki karɓi rabi, ko ki yi magana da dila kan musanya tun wa'adin yana da sauran daraja. A maganin zazzaɓin cizon sauro ki kula da lokaci, domin abin da kike fitarwa a Satumba ba shi za ki fitar a Fabrairu ba. In kika yi lissafin rani da cinikin damina, zai ruɗe ki.

Bambancin ya fi fitowa a wajen karɓar kaya. Mai bin fifo abu uku yake rubutawa: sunan magani, yawansa da ranar shigowa, sai ya tura sabon kwali bayan tsoho. Aiki ne mai sauri, kowane yaron kanti zai iya. Mai bin fefo kuwa dole ya ƙara biyu: ranar ƙarewar wa'adi da lambar zubi, wato lambar da kamfani yake bugawa a jikin duk maganin da aka haɗa a zubi ɗaya. Kowane zubi da layinsa a katin kaya, ko da sunan maganin da ƙarfinsa ɗaya ne. Kada ki wadatu da abin da aka rubuta a takardar dila. Ki buɗe kwali ki karanta a jikin fakiti, don sau da yawa kwali ɗaya yakan zo da zubi biyu a gauraye, musamman wanda aka riga aka ɓare aka sake ɗaurewa da salatif. Sannan ki ɗauki babbar maka ki rubuta wata da shekara da manyan lambobi a fuskar kwalin da ke kallon hanya. Rubutun kamfani ƙanana ne, wani ma a ƙarshen fakiti aka danna shi ba tawada, sai an karkata shi ga haske ake ganinsa.

A nan ake yawan tuntuɓe wajen karatu. Ranar haɗawa da ranar ƙarewa suna zaune kusa da juna, mai gaggawa sai ya kwafi ta sama a madadin ta ƙasa. In wata da shekara kaɗai aka buga, kamar 06/2026, ana ɗaukar ranar ƙarshe ta watan, sai fa in rubutun ya ce a yi amfani da shi kafin wannan watan, to a ƙarshen Mayu ya tsaya. In kuma kika ga 03/04/2026, ki tabbatar ko rana ce a gaba ko wata, domin ƙasashe sun bambanta a rubutun. In abin ya shige miki duhu, ki ɗauki ranar da ta fi kusa.

To, me ake dubawa kullum? Ba duk sito ba. Wanda ya ce zai karanta wa'adin kowane fakiti kowace safiya, ba zai yi mako biyu ba zai koma sa hannu ba tare da ya duba ba, kuma wannan ya fi rashin takardar muni. Ta kullum gajera ce, minti 20 zuwa 30 ya ishe ta a matsakaicin sito.

Da buɗe ƙofa, kafin komai, sai ma'aunin zafi, kuma wannan bai shafi tsarin da kike bi ba. Firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ɗaki kuma gwargwadon abin da ke jikin magani, galibi ƙasa da 25 ko ƙasa da 30. Ki rubuta lambar da kika gani da ƙarfe nawa, safe da yamma; kalmar "lafiya" ba ta gaya wa kowa komai. Wa'adin da aka buga alkawari ne da sharaɗi: yana aiki ne in an ajiye maganin yadda aka ce. Sito mai rufin kwano ba silin a watan Afrilu, ko firjin da ya kwana ba wuta, suna iya cinye ƙarfin insulin ko oksitosin alhali kwalinsu yana cewa saura shekara. Sanyi ma yana ɓatawa. Insulin da ya jingina da bangon baya na firji ya daskare ba a amfani da shi ko ya narke. Ma'auni mai riƙe mafi zafi da mafi sanyin da aka kai shi ne zai gaya miki abin da ya faru da daddare. Daga nan ki kai ido ƙasa da sama: kwalaye su zauna a kan katako, aƙalla santimita 10 daga ƙasa, 30 daga bango, a duba yoyo da danshi, musamman a Agusta.

Na biyu, kantar "fitar da ni". A nan fifo ba shi da abin cewa, don bai san wa'adi ba; mai binsa yakan gano maganin da ya mutu ne ranar ƙidayar wata, ko mafi muni ranar da mai saye ya dawo da shi. A fefo kina da jerin duk zubin da ya rage masa wata shida ko ƙasa, da alama mai launi a jikin kwali: misali rawaya ga mai wata shida, ja ga mai wata uku. Jajayen kaɗai kike ƙirgawa kullum, ki gwada da katinsu. In jan kwali ya yi kwana uku adadinsa bai motsa ba alhali ana sayar da maganin, to wani yana ɗauka daga baya. Yawanci ba mugunta ba ce: kwalin baya ne a buɗe, na gaba a rufe, hannu kuma abin da ya fi sauƙi yake bi. Maganinsa kwali ɗaya kawai ya zama a buɗe ga kowane magani, kuma ya zama mai gajeren wa'adin.

Na uku, kanta ɗaya ko biyu a kowace rana, bi da bi, yadda za ki zagaye siton duka cikin wata. Ki sauko da kayan, ki ƙirga, ki karanta wa'adi, ki mayar da mafi kusa gaba. A wannan zagayen ne ake samun fakitin da ya faɗa bayan kanta, da sirinji da kayan ƙarin ruwa da aka manta cewa su ma suna da wa'adi.

Na huɗu, lokacin fitarwa. Ko daga sito zuwa kantar sayarwa ne, a rubuta zubin da ya fita. Kuma ki tuna mai shan maganin: in za a ba mai hawan jini na wata uku, ba a ba shi zubin da saura mako shida ya ƙare, ko da fefo shi ya nuna. Wannan zubin na mai karɓar na wata ɗaya ne. Kantar gaba ma tana bukatar juyi, don masu cika ta sun fi kowa ɗora sabo a kan tsoho.

In kina da kwamfuta, jadawalin Excel zai ɗauke miki lissafin kwanaki. In wa'adi yana layin C, wannan zai ba ki kwanakin da suka rage:

```
=C2-TODAY()
```

Ki shigar da cikakkiyar rana har da shekara, kamar 30-Jun-2026, ki sa layin amsar a tsarin lamba, wato Number, don kada ya nuna miki kwanan wata, sannan ki jera daga ƙarami zuwa babba. Amma kwamfuta abin da aka ba ta ta sani, katin da ke jikin kanta da idonki su ne shaida.

Fifo bai rasa gurbi ba. In zubi biyu suka zo da wa'adi ɗaya, wanda ya riga shigowa shi zai fita. Haka kayan da ba a buga musu wa'adi ba, kamar ambulan ɗin zuba magani da ledoji.

Layin ƙarshe a takardar, kafin rufe ƙofa: akwai abin da ya ƙare yau, ko ya fashe, ko ya canza launi? A cire shi a ranar, kada a ce sai gobe. A rubuta suna, zubi da adadi, a rage shi daga kati, a sa shi a akwati mai kulle da aka rubuta "ba na sayarwa ba", nesa da kaya masu kyau. Ba a zuba shi a bola ko kwata, don daga bola ake tsince shi ya koma kasuwa, yara ma suna iya ɗauka. A Najeriya NAFDAC ce ke kula da lalata irin waɗannan magunguna, don haka ki adana jerin da kyau har ranar da za a miƙa su. Sannan wanda ya duba ya sa hannu da lokaci, mai kula da kantin kuma ya bi takardun mako ya sa nasa.