Sarauniya a takarda, Sarauniya a majigi

Na sake karanta Sarraounia, littafin Abdoulaye Mamani kan Sarauniyar Aznan Lugu da ta yi tsayayya da Faransawa, wanda ya fito a 1980, sannan na kalli fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi a 1986. Mu 'yan Damagaram muna da hannu a labarin ta gefe biyu: Mamani ya yi siyasar Sawaba a nan, kuma ragowar rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine, wadda ta afka wa Lugu a 1899, ita ce ta shigo birninmu a shekarar, bayan yaƙin Tirmini.

Abin da ya fara dukan kunnena shi ne harshe. Mutanen Lugu Hausa suke yi, amma Sarauniyar fim ba ta yi. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin zamanin Sankara, Aï Keïta ta can ce ta hau matsayin, sai aka ji Julanci da Fulatanci da Faransanci. A littafi kowa Faransancin Mamani yake yi, Nasara da Azna, ni nake mayar da maganar Aznan Hausa a kaina. Hondo kuwa dole ya sa wa kowa harshe a baki. Ya ci riba ɗaya: kunne na rarrabe mai ba da oda da wanda ake ba, har tafinta a tsakani ya zama mutum mai nauyi. Farashin shi ne ni Bahaushe sai da rubutun ƙasan allo na fahimci Sarauniyata. Tsohuwarmu da ba ta yi lakwal ba, tashi ta yi ta bar mu.

Inda na sara wa Hondo shi ne bayan faɗan Lugu. Mai neman kasuwa da ya riƙe jarumar a gaban kyamara har ƙarshe. Shi ya janye ta, ya bi rundunar tana ruɓewa: sojojin baƙar fata sun gaji, tsoron asirinta ya cika sansani, Voulet ya sa a harbe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da su, daga baya nasu sojojin suka kashe shi da Chanoine. Mamani da jimla yake gaya maka abin da ke zuciyar mutum. Hondo ba shi da wannan, sai ya faɗaɗa hoto: dogon jerin 'yan dako da matan da aka kamo, hafsoshi kan dawaki sun zama ƙanana a cikin fili.

Jawabin Sarauniya na ƙarshe, inda take karɓar kowa da addininsa, ya yi mini kama da taron siyasa. Amma FESPACO, gasar fina-finan Afirka ta Ouagadougou, ta ba fim ɗin babbar kyautarta a 1987, ni wa?

Kada a kalla a waya. Kwafin da na fara samu an datse gefensa, rabin jerin 'yan dakon ya ɓace.