Mai faɗin 60 ko mai faɗin 45: yadi nawa zai ishi uba da yara biyu?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga hoton takardar awo da tela ya turo mini, na maigida da yaranmu maza biyu. Kaftani da wando nake so a yi musu iri ɗaya. A Kantin Kwari wani ya ce yadi 8 ya isa, wani ya ce sai 10. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Kowannensu zai iya zama mai gaskiya, domin ina kyautata zaton ba yadi iri ɗaya suka nuna miki ba. Tsawon yadi ɗaya inci 36 ne a ko'ina, amma faɗin bandir yana bambanta. Akwai mai faɗin inci 58 zuwa 60, kamar yawancin yadin maza, akwai kuma mai faɗin wajen 45. Wannan faɗin shi ne ke yanke hukunci, kuma shi ne ba a rubuce a takardar tela ba.

Kafin lissafi, abu biyu na gani a hoton da suka tsayar da ni. Tsawon wandon maigida, lambar za ta iya zama 41, za ta iya zama 47, saboda takardar ta lanƙwashe daidai wurin. Mutumin da rigarsa 44, hannunsa 25, wandonsa ya fi kama da 41, da shi zan yi aiki, amma ki kira telan ya tabbatar miki. Na biyu, an rubuta ƙirjin ƙaramin yaron 12. Babu yaron da ke sa riga mai tsawon 24 da kewayen ƙirjinsa zai zama 12. Rabin awo telan ya rubuta, wato faɗin gaba kawai, cikakken kewayen 24 ne. Wasu teloli haka suke yi, sai su rubuta rabi a wani layi, cikakke a wani, su kuma sun gane abinsu.

To bari mu shimfiɗa kayan maigida a kan yadin biyu. Ƙirjinsa 42. Kaftani ba ya kama jiki, sai a ƙara sakewa kamar inci 8, ya zama 50. A raba biyu, gaba 25 baya 25, a ƙara inci 2 na ɗinki, kowane falle ya zama faɗin 27. Tsawon kuma 44 ne, da ƙalmasar ƙasa da ɗinkin kafaɗa ya koma 48.

A kan mai faɗin 60, wanda idan an cire gefe wajen 58 ke moruwa, gaba da baya za su kwanta kafaɗa da kafaɗa, tunda 27 da 27 ya ba da 54. Jikin riga ya ci tsawon 48 sau ɗaya ke nan. A kan mai faɗin 45 ba za su shiga tare ba, dole ɗaya ya bi bayan ɗaya, jikin ya ci 96. Nan kaɗai an sami bambancin fiye da yadi guda.

Hannu ba shi da rigima. Tsawon 25 da ƙari ya zama 28, kowanne faɗinsa wajen 20, su biyu 40, sun shiga a ko wane yadi.

Wando ne wurin da gwanintar tela take fitowa. Falle huɗu ne, biyu na gaba masu faɗin wajen 13, biyu na baya wajen 15, tsawonsu 46 idan an haɗa da wurin zariya da ƙalmasa. Jimillar faɗinsu 56, a mai faɗin 60 duk sun jeru a layi ɗaya. A mai faɗin 45 uku ne kawai za su jeru, na huɗun ya rasa wuri. Telan da ba ya son wahala sai ya sake yankar wani tsawon 46 saboda falle ɗaya, kayan maigida su tashi a yadi 6 cif. Wanda ya san aikinsa zai tuna cewa a gefen kowane fallen jikin riga an bar dogon ƙyalle mai faɗin wajen 17 da tsawon 48. Fallen wandon nan zai zauna a cikin ɗaya daram, ɗayan kuma a fitar da aljihu da wuya. Saboda haka a mai faɗin 60 maigida ya ci inci 122, kaɗan ya rage ya kai yadi uku da rabi. A mai faɗin 45 ya ci 170, wato kusan yadi 5, muddin telan zai yi wannan dabarar. Ki tambaye shi tun kafin ki saya, kada sai an sa almakashi a aiko miki cewa bai isa ba.

Yara ba su da wannan matsalar, domin gabansu da bayansu suna shiga tare ko a kan 45. Ribar mai faɗin a wurinsu ita ce hannu. Babban yaron rigarsa da ƙari 35, wando 37, hannu 21. A mai faɗin 60 ana barin fili a gefen riga da gefen wando, kowane fili ya ɗauki hannu ɗaya, sai ya tashi a inci 72, yadi 2 daidai. A mai faɗin 45 hannun sai an ba shi nasa tsawon, ya zama 93. Ƙaramin ma haka, 55 a na farko, 71 a na biyu.

Idan an haɗa su ukun, mai faɗin 60 ya ba da inci 249, kaɗan ya rage ya kai yadi 7. Mai faɗin 45 ya ba da 334, yadi 9 da 'yan kai. Ni da zan saya, bakwai da rabi zan karɓa a na farko, 10 a na biyu. Ƙarin nan ba almubazzaranci ba ne: bakin yadi sau da yawa a karkace ake yanko shi, sai tela ya daidaita, wani yadin auduga kuma yana ɗan tsukewa idan ya sha ruwa. Wanda ya ce miki 8 ya kai ga wannan adadin ne ta hanyar yi wa kowa nasa, uku da rabi, biyu da rabi, da biyu. Idan kika sa aka yanko miki a jere ba tsinkewa, kin tsira da rabin yadi, kuma launin ya fito daga bandir ɗaya.

Wajen kuɗi, kada farashin yadi ɗaya ya ruɗe ki. Bakwai da rabi kashi uku ne cikin huɗu na 10, don haka mai faɗin 45 ba zai fi araha ba sai farashinsa ya gaza kashi uku cikin huɗu na farashin mai faɗin 60.

Duk wannan lissafin na yadi ne marar zane, ko mai zanen da bai damu da sama da ƙasa ba. Idan mai layi-layi ne da ake son layin riga ya haɗu da na aljihu, ki ƙara rabin yadi. Babbar riga kuwa ba ta shiga wannan lissafin sam, ita da tela za ku zauna. Ki tafi kasuwa da tef a jaka, ki ce a warware miki bakin bandir ɗin ki auna faɗinsa da hannunki, ki kuma tambaya ko da yadi suke awo ko da mita, domin mita ta fi yadi da inci uku da ɗoriya.