Sharhi kan qpdf: kalmar buɗewa daban, kalmar mai takarda daban

Ni ke haɗa takardun jarrabawa a wata makaranta mai zaman kanta nan Tawa, kuma kafin ranar jarrabawa sai takardun sun bi ta WhatsApp zuwa wajen malamai da mai bugawa. Wannan ne ya kai ni ga qpdf, manhajar kyauta ta sarrafa takardun PDF da ake ba umarni a rubuce. Na ji daɗinta, don ta nuna mini ƙarara abin da kowace kalmar sirri ke tsarewa.

Kalmar buɗewa ita ce kwaɗon gaskiya. An dagula abin da ke cikin takardar, wanda ba shi da kalmar ko layi ɗaya ba zai karanta ba. Kalmar mai takarda kuwa izini take tsarawa: a buga ko kada a buga, a kwafi rubutu, a yi gyara. Mai riƙe da ita yana buɗe takardar da cikakken iko, har ya sauya waɗannan ƙa'idoji.

Wani malamin lissafi ya turo mini tambayoyin ƴan ajin BEPC, ya ce: "Malam, na kulle ta." Ina taɓawa ta buɗe, ba a tambaye ni komi ba. Alamar ke nan: kalmar mai takarda kaɗai ya sa, ta buɗewa fanko ce. Na duba:

```
qpdf --show-encryption lissafi.pdf
```

Ga `print high resolution: not allowed` a rubuce, wato an hana buga ta da cikakken inganci. Amma hanin nan roƙo ne kawai ga manhajar da ke karanta takardar. Adobe Acrobat na mutunta shi, wasu ba ruwansu. Umarnin `qpdf --decrypt lissafi.pdf sabo.pdf` ya cire shi nan take, ba tare da wata kalma ba. Abin ya tayar mini da hankali, don da takardar ta faɗa wayar ɗalibi, shi ke nan, jarrabawa ta fita.

Ga yadda muka sake kulle ta, ta buɗewa a farko, ta mai takarda na biye:

```
qpdf --encrypt Bude-x7Kp2 Mai-q9Rt4 256 --modify=none --extract=n -- sabo.pdf kulle.pdf
```

Lambar 256 na nufin salon dagulawa na AES-256, ba tsohon RC4 mai 40 da ake fasawa cikin sauƙi ba. Na ba mai bugawa ta buɗewa ta kiran waya, ɗayar kuma tana hannuna. Dole su bambanta, in ba haka ba duk mai buɗewa ya zama mai takarda. Abin da ya ƙara burge ni, in ka bar ta mai takarda fanko, qpdf ƙin aikin take yi, tunda fankon zai buɗe wa kowa.

Ko a haka, wanda ka ba kalmar buɗewa zai iya cire sauran hanin, ko ya ɗauki hoton allo.

Inda ta gaza: ba maɓallan latsawa, saƙonninta kuma duk da Ingilishi suke, abin da ke wahalar da abokan aikina da suka yi karatu da Faransanci. Su sai na nuna musu wurin sa kalmomin biyu a LibreOffice lokacin fitar da PDF.