Hattara da masu sayar da katin intanet ta saƙon waya

Jama'a, akwai wata sana'a da ta yaɗu a zaurukan sada zumunta wadda ya kamata a yi hattara da ita. Mutum zai yi tallar cewa yana haɗa katin biyan kuɗi na intanet, irin wanda ba a riƙe shi a hannu, don sayayya sau ɗaya ko don buɗe gwajin kyauta na wata manhaja. Ka tura masa kuɗi, shi kuma ya turo maka lambobin katin guda 16, da ranar ƙarewar aiki, da lambobin tsaro uku da ake kira CVV. Katin intanet kansa halastaccen abu ne, bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi masu lasisi suna bayar da shi. Amma wanda ya san yadda ake samar da shi zai gane cewa ba abu ne da ake saye a hannun wani ba.

Idan ka danna neman sabon kati a manhajar bankinka, bankin yana ɗauko lamba ne daga jerin da aka ware masa. Lambobi shida ko takwas na farko, waɗanda ake kira BIN, su ne ke nuna wane banki ne ya fitar da katin, kuma wane iri ne. Na Visa yana farawa da 4, na Mastercard da 51 zuwa 55 ko 2221 zuwa 2720. Daga nan bankin ya lissafo CVV da wasu mabuɗan sirri da shi kaɗai yake da su, sannan ya rubuta a rumbunsa cewa wannan lamba tana rataye da asusun wane, da iyakar kuɗi kaza, kuma ta mutu bayan cira ɗaya idan na sayayya ɗaya ne. Wannan rubutun da ke rumbun banki shi ne katin. Duk lokacin da ka saka lambar a shafin mai sayarwa ka danna biya, sai an aika tambaya ta hanyar Visa ko Mastercard har zuwa bankin, shi ne zai ce e ko a'a.

Mafi arhar damfarar ita ce a sayar maka da lambar da babu bankin da ya san ta. Lamba ta ƙarshe a jikin kati ta tantancewa ce, ana samo ta da wani lissafi da Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya ƙirƙiro a shekarun 1950 don kama kuskuren rubutu. Lissafin ba sirri ba ne. Ɗauki 4242 4242 4242 4242, lambar da masu gina shafuka ke gwaji da ita: a ninka kowane 4 ya zama 8, takwas sau takwas 64, a haɗa da 2 guda takwas, wato 16, an sami 80. Tunda 80 tana rabuwa da 10 ba saura, shafin zai karɓi lambar ba tare da ya yi ja ba, har ya nuna tambarin Visa. Hoton wannan tambarin ne ɗan damfara yake turowa a matsayin shaida. Da ka danna biya sai ka ga "Your card was declined", wato an ƙi katinka, ka koma masa, ya ce ai sai ka ƙara kuɗin kunna kati. Katin da banki bai rubuta ba, ba wani kuɗi da zai kunna shi.

Wadda ta fi cin mutane ita ce wadda katin na gaske ne. A ce kana son gwajin kwana 7 na wata manhaja. Ka biya mutumin dala 3, ya shiga asusunsa na kansa ya haɗa kati ya turo maka. Ka saka, manhajar ta taɓa katin da dala 1 ko ma sifili don ta ga ko yana raye, banki ya amsa, gwaji ya buɗe. To a nan aka saye zuciyarka. Bayan kwana biyu kana son sayen wani abu na dala 60, sai ya ce ka turo ya loda maka a katin nan. Ka tura, ya loda, har ya nuna maka hoton kuɗin a ciki. Kafin ka gama cike adireshi a shafin sayayya, ya mayar da kuɗin babban asusunsa ya goge katin, abin da ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ko da ya bari sayayyar ta wuce, saƙon OTP, wato lambar tabbatar da biya, wayarsa zai je, kuma idan kayan bai zo ba aka mayar da kuɗi, asusun da katin ke rataye da shi za su faɗa, wato nasa. Ka je banki da ƙorafi, a tambaye ka sunan mai kati, ka ga ba ka da bakin magana, don a takarda shi ne ya yi sayayyar da kuɗinsa. Ka ba kura ajiyar nama ne kawai.

Akwai kuma masu turo katin sata, su kira shi na intanet. Alamarsa ita ce a ba ka suna da adireshin wani baƙo a ce su za ka rubuta, ko a ce ka biya dala 20 a ba ka kati mai dala 100 a ciki. Wa yake sayar da ɗari a kan ashirin? Irin wannan yakan yi aiki a ranar farko. Sai mai katin ya ga an cire masa kuɗi ya kai ƙara bankinsa, kuma a yawancin ƙa'idoji yana da har kwana 120 na yin hakan. A janye kuɗin, a rufe maka asusun manhajar da duk abin da ka ajiye a ciki, sannan imel ɗinka da adireshin da aka kai kaya su ne ke rubuce a kan cinikin. Wanda ya sayar maka ya daɗe da sauya lamba.

Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne alkawarin da suke yi cewa katinsu yana wucewa a ko'ina. Ko katin da ka haɗa da hannunka ba ya wucewa a ko'ina. Masu manhajoji da yawa suna duba BIN, in suka ga na kuɗin da aka loda tun farko ne sai su ƙi shi a wurin gwajin kyauta, don gudun kada su kasa cirar kuɗin wata-wata daga baya. Katin sayayya ɗaya kuma bai dace da duk abin da za a cire kuɗi sau biyu ba, kamar kaya da za a aiko kashi-kashi. Sannan mutuwar kati ba ta soke rajista. Idan gwajin ya ƙare ba ka shiga ka soke ba, wasu kamfanonin za su rubuta maka bashi su tsayar da asusunka har sai ka biya.

Kafin ka yarda da kowane kati, duba ko kai ne ka haɗa shi a cikin manhajar da ka yi rajista da sunanka da katin shaidarka, ko kana ganin tarihin abin da aka cire, ko OTP wayarka yake zuwa, ko kuma kana iya dakatar da shi ka sa masa iyaka da kanka. Kamfanin ma a binciki sunansa a jerin masu lasisi na babban bankin ƙasar da yake aiki. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko sisi da sunan kuɗin kunnawa. Ya ajiye hotunan hirar da shaidar turawa, ya kai wa bankinsa a ranar, ya cire lambar daga duk asusun da ya saka ta, kuma idan har ya ba mutumin kalmar sirrin manhajar don ya saka masa katin da kansa, ya canza ta yanzu.