Sikana mai zuƙar takarda ko ta ɗorawa a gilashi?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sikanata ta shago ta fara fitar da baƙin layi daga sama har ƙasa, wasu shafukan kuma a karkace. Takardun makaranta nake yawan yi wa ɗalibai. In sayi sabuwa mai zuƙa ne, ko in koma wa ta gilashi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna, ka fara yin gwaji ɗaya. Samo farar takarda wadda babu rubutu, ka tura ta ta wurin zuƙa, sannan ka ɗaga murfi ka ɗora ta a kan babban gilashin ka sake. In layin ya fito a na farko bai fito a na biyu ba, injinka lafiya lau yake, datti ne kawai.

Wurin zuƙa yana da nasa siririn gilashi a gefen babban, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba. A nan fitilar take tsayawa cik, takarda ce ke wucewa ta kanta. Don haka ɗigon ƙura ɗaya, ko busasshen tifes, ko gam ɗin hoton fasfo da ya manne, zai ja layi tsawon shafin gaba ɗaya. A babban gilashi kuwa takarda na kwance fitila na tafiya, wannan dattin ɗan ɗigo kawai zai bari.

Ta gilashi nake da ita a shagona, kuma ta sha hunturun Sakkwato ba ɗaya ba ba biyu ba. Akwai ranar da wata baiwar Allah ta kawo shaidar kammala firamare ta mahaifinta, ta tsufa har ta yage a wurin ninki. Na shimfiɗa ta a hankali, na jingina gefenta da kusurwar da ke da alamar kibiya, na rufe murfi sannu don kada iska ta gusar da ita. Ta fito miƙe sak, har hatimin ana karantawa. Da mai zuƙa ce, da ta ƙarasa yaga ta. Na taɓa sayen mai zuƙar, tana da sauri, ban hana ta wannan ba, amma ni dai goge-goge na yi ta yi har na rabu da ita.

Wajen gogewa, kashe injin ka zare waya. Ka sa ɗan sifirit a ƙyalle mai laushi marar gashi, kada ka zuba a kan gilashin kai tsaye, don yana iya silalewa ciki. Goge siririn gilashin, ka haska tocilar waya daga gefe, za ka ga abin da ido bai gani ba. In tifes ne, jiƙa shi ya yi laushi ka kankare da farce, ban da reza. Ka goge farin ɓangaren da ke fuskantarsa a jikin murfi shi ma. Karkacewa kuma yawanci daga tayoyin roba ne: ƙura ta sa sun yi sulɓi, gefe ɗaya ya riga ɗaya ja. Goge su da ƙyalle mai ɗan danshi, ka matso da maƙallan gefe su taɓa takardar, ka cire fin kafin ka tura.

Canza Resolution ba ya kawar da layin datti, ko 1200 dpi ka sa yana nan. Inda yake aiki shi ne wani zane mai kama da saƙar tabarma da ke fitowa a hoton jarida ko satifiket mai ƙananan ɗigo-ɗigo a bayansa. In ka ga wannan a 200, gwada 300 ko 600, ka kunna Descreen in manhajarka na da shi. Rubutu zalla 300 ya ishe shi. Ka sani cewa daga 300 zuwa 600 ɗigon hoton ninki huɗu yake yi, fayil ya yi nauyi, ɗalibi ya je ɗorawa a fotal a ƙi karɓa.

Ka yi hattara da wasu masu sayar da na hannu. Za su gwada maka da takarda mai cike da rubutu, a babban gilashi kaɗai, su ce ga shi garau. Je da farar takardarka, a gwada ta hanyoyin biyu a gabanka. In layi ya fito har a babban gilashin, a wuri guda, bayan an goge, to matsalar a ciki take, wajen fitilar, ka bar musu kayansu.

In dai satifiket ɗaya-biyu ake kawo maka, goge wadda kake da ita ka riƙa amfani da gilashinta. In ta kama sai ka saya, ɗauki ta gilashi, ka sa tela ya ɗinka mata riga saboda ƙura.